Yaushe ake ci gaba da amsawa a zaren imel, yaushe kuma ake buɗe sabon take

A mafi yawan birorin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyi a nan Maradi akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki. Idan mutum yana son aika wa wani saƙon imel, sai ya lalubo saƙo na ƙarshe da suka yi musaya, ko da na bara ne, ya danna maɓallin amsa, ya rubuta sabuwar maganarsa a sama. Dalilinsa mai sauƙi ne, wato ba ya son wahalar neman adireshi. Amma abin da hakan yake haifarwa shi ne a tarar da cinikin riɗi na miliyoyin sefa yana kwance a ƙarƙashin take mai cewa "Re: Barka da Sallah", kuma ranar da gardama ta tashi a kan farashi, babu wanda ya san inda zai nemi shaida.

Na daɗe ina riƙe wa wani Alhaji wasiƙun kasuwancinsa, kuma hanyar da nake bi ita ce in ɗauki kowane zaren saƙonni kamar dosiyen takarda da ake ajiyewa a kabad. Take shi ne rubutun da ke bayan dosiyen. Idan sabuwar takarda ta zo, ana saka ta cikin dosiyen da ya dace da ita, idan kuma babu, a buɗe mata sabo. Matakan da ke biye duk daga wannan tunani suka fito.

Mataki na farko: ka san abin da maɓallin amsa yake ɗaukowa

Kafin a yanke shawara, ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a ɓoye idan an danna Répondre, ko Reply ga mai amfani da manhaja cikin Ingilishi. Abubuwa huɗu ne suke biyo sabon saƙon ba tare da ka rubuta su ba. Akwai take na da, wanda aka ƙara masa "Re:" a gaba. Akwai sunan wanda za a aika wa, ko sunayen kowa da kowa idan Répondre à tous ka danna. Akwai dukan tsohuwar magana da ake jerawa a ƙasan saƙonka, wadda Gmail take naɗewa a bayan wasu ɗige-ɗige uku, har mutum ya manta tana nan. Na huɗu kuma shi ne wanda ido ba ya gani, wato lambar shaida da ke ɗaure saƙonka da wanda ka amsa.

Kowane saƙon imel yana fita da lambarsa ta musamman, kuma amsa tana ɗauke da lambar saƙon da ta biyo. Wanda ya buɗe Afficher l'original a Gmail zai ga layuka masu kama da waɗannan:

```
Message-ID: <b222@example.com>
In-Reply-To: <a111@example.com>
References: <a111@example.com>
```

Manhajoji ba su haɗu a kan yadda suke amfani da waɗannan layuka ba, kuma a nan ne ruɗani yake farawa. Manhajar imel ta Thunderbird tana bin lambobin ne, saboda haka idan ka amsa tsohon saƙo ka goge takensa ka rubuta sabo, ita za ta kai shi ƙarƙashin tsohon zare duk da canjin. Gmail kuwa tana raba zare idan take ya canza, haka nan tana raba shi idan saƙonni sun haura 100. Ke nan abin da kai kake gani a matsayin sabon zare, mai yiwuwa abokin cinikinka ya gan shi binne a ƙarƙashin maganar watanni shida da suka wuce. Saboda haka duk inda na ce a buɗe sabon take a wannan jagora, ina nufin a danna Nouveau message, wato maɓallin sabon saƙo, a fara daga farar takarda.

Abu ɗaya da amsa ba ta ɗaukowa shi ne takardun da aka maƙala. Idan an aiko maka da hoton takardar awo ka amsa, hoton ba ya bin amsar. Transférer, wato maɓallin tura wa wani saƙon da ka samu, shi ne yake tafiya da maƙalallun takardu, kuma wannan bambanci zai yi mana amfani a gaba.

Mataki na biyu: ka gwada sabuwar maganarka da taken da ke nan

Ga gwajin da nake yi kafin in rubuta ko kalma ɗaya. Ina karanta take, sannan in tambayi kaina ko wanda zai nemi wannan saƙo bayan wata uku zai yi tunanin duba ƙarƙashin wannan take. Idan zai duba nan, sai in ci gaba da amsawa. Idan ba zai taɓa tunanin nan ba, magana ta fita daga dosiyenta.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce Alhaji yana da riɗi buhu 400 a mangaza, kuma wani mai saye daga Kano ya nuna yana so. Saƙon farko ya fita da take "Riɗi buhu 400 daga Maradi: farashi da ranar lodi". Mai saye ya amsa yana neman ragi, Alhaji ya sauko kaɗan, mai saye ya tambayi nauyin kowane buhu, aka ba shi amsa, ya nemi a aiko da hoton samfur, aka aika. Duk waɗannan saƙonni shida ko bakwai magana ɗaya ce, kuma babban kuskure ne a raba su. Kowane tayi yana dogara ne da wanda ya gabace shi, kuma idan wata rana mai saye ya ce ba a kan wannan farashi aka tsaya ba, zare guda zai nuna wa kowa yadda aka sauko mataki-mataki har aka daidaita. Wanda yake buɗe sabon saƙo a kowane zagaye na ciniki yana watsa shaidarsa da hannunsa.

Haka kuma tunatarwa tana zama a cikin zare. Idan kwana uku sun wuce mai saye bai amsa ba, ba a buɗe sabon saƙo mai take "Tunatarwa" ko "Gaggawa". Ana amsa saƙon ƙarshe da aka aika, a rubuta gaisuwa, sannan a ce ana jiran amsarsa a kan farashin da ke ƙasa kafin ranar Alhamis domin a san ko za a riƙe masa kayan. Ta haka zai ga tambayar da tunatarwar a wuri ɗaya, ba sai ya tafi nema ba. Gyaran kuskure ma haka yake. Idan an rubuta buhu 40 a maimakon 400, a cikin zaren ake gyarawa, domin gyaran ya zauna kusa da kuskuren.

To, a tsakiyar wannan ciniki sai mai saye ya ƙara layi ɗaya a ƙarshen saƙonsa yana tambaya ko akwai aya, yana son buhu 150 a wata mai zuwa. A nan ne mutane da yawa suke zamewa, domin ya fi sauƙi a amsa duka biyu a saƙo ɗaya. Amma aya wani kaya ne, da farashinsa daban, da ranar lodinsa daban, kuma cinikinsa zai iya faɗuwa alhali na riɗi ya tabbata. Idan aka cakuɗa su, nan da mako biyu za a sami saƙo mai cewa "na amince da farashin", babu wanda zai iya rantsuwa ko na riɗi ake nufi ko na aya. Abin da ya dace shi ne a amsa maganar riɗi a zarenta, a ƙara da cewa batun aya yana zuwa a saƙo dabam, sannan a buɗe sabon saƙo mai take "Aya buhu 150: farashi da lokacin samuwa".

Alamar da ta fi saurin nuna cewa zare ya ɗauki kaya biyu ita ce idan aka fara samun amsa ga rabin tambaya. Ka tambayi abu biyu, an amsa ɗaya, ka sake tambaya, an sake amsa wancan ɗin. Yawanci ba raini ba ne. Mai karantawa a waya yana duba take da layukan farko, ya amsa abin da ya yi daidai da taken, sauran ya wuce shi.

Mataki na uku: ka duba su wane ne za su karanta

Wannan shi ne matakin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa. Saƙon da ya fita ya fita.

An daidaita farashin riɗi, saura ɗaukar kaya daga Maradi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, a wuce Katsina har Kano. Yanzu ana bukatar mai mota ya san yawan buhuna, wurin lodi, rana da wurin saukewa. Hanya mafi sauri ita ce a amsa zaren a ƙara adireshinsa a Cc, wato gurbin waɗanda ake ba kwafin saƙo. Na taɓa yin haka da hannuna a wani ciniki makamancin wannan, kuma har yau ina jin nauyinsa. Na ƙara mai mota a zaren ciniki, na manta cewa a ƙarƙashin layuka ukun da na rubuta masa akwai dukan tayin da aka yi tun daga farko. Ya karanta, ya ga abin da kayan za su kawo, washegari kuɗin motar da muka yi magana a baki ya tashi. Mai saye ma bai ji daɗi ba, domin ya ga farashinsa ya isa kunnen wanda ba ya cikin ciniki. Alhaji bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ba kowa ake shigarwa ɗaki ba don an buɗe masa zaure."

Tun daga ranar, ƙa'idata ita ce duk lokacin da sabon mutum zai shigo magana, sai na buɗe ɗige-ɗigen nan uku na karanta abin da ke ƙasa tun daga saƙon farko, ina tambayar kaina ko zan iya karanta wannan a gabansa da babbar murya. Idan akwai layi ko ɗaya da ba zan iya ba, sabon saƙo zan buɗe. Ga mai mota, take zai zama "Lodin riɗi buhu 400, Maradi zuwa Kano, ranar Litinin", kuma a ciki babu abin da zai gani sai abin da aikinsa yake bukata. Wasu suna cewa ai za a iya amsawa a goge tsohuwar maganar da ke ƙasa. Za a iya, amma wanda yake yin haka sau goma a rana wata rana zai manta, kuma mantuwa ɗaya ta isa.

Akwai lokacin da ƙara mutum a zaren shi ne daidai. Idan akawun Alhaji ne zai shigo domin ya shirya takardar lissafin kuɗi, yana bukatar ganin yadda aka daidaita, kuma ba a ɓoye masa komai. A nan ana amsa wa kowa, a ƙara shi, a faɗa a layin farko cewa an ƙara akawu domin ya shirya takardu, saboda kada mai saye ya ci gaba da magana bai san an ƙaru ba. Sai dai a tuna cewa hoton samfur da takardar awo ba za su isa gare shi ta wannan amsa ba, dole a sake maƙala su ko a tura masa su ta Transférer.

Haɗari na biyu yana tafiya ne ta ɗaya ɓangaren, wato idan ana son rage mutane. A ce kana son ka tambayi Alhaji a keɓe ko zai yarda a sake sauko da farashi idan mai saye ya matsa. Kada ka yi wannan tambaya ta hanyar amsa zaren kana cire sunan mai saye. Saƙonka zai zauna a cikin zare ɗaya mai take ɗaya da na ciniki, kuma gobe idan Alhaji ko kai kuka buɗe zaren cikin sauri domin rubuta wa mai saye, abu ne mai sauƙi a amsa saƙon sirrin a mayar da sunansa, shawarar cikin gida ta tafi Kano a manne a ƙasa. Shawarar cikin gida tana bukatar nata saƙon, da take wanda ba ya kama da na waje, misali "Cikin gida: iyakar ragin riɗi". Idan maganar tana da nauyi ƙwarai, kiran waya ya fi.

Mataki na huɗu: ka lura da lokacin da magana ta sauya mataki

Wani lokaci kaya ɗaya ne, mutane ɗaya ne, amma aikin ya shiga wani sabon babi. Riɗi ya isa Kano, sai mai saye ya rubuto cewa buhu 12 sun jiƙe a hanya, yana neman a cire masa kuɗinsu. Shin a ci gaba a zaren farashi ko a buɗe sabo? A ganina a buɗe sabo. Zaren farko tambayarsa ita ce nawa kuma yaushe, kuma an amsa ta, an rufe. Ƙorafi sabuwar tambaya ce da za ta jawo hotuna, da maganar mai mota, wataƙila da wanda ya shaida lodi, kuma za ta iya ɗaukar makonni. Idan aka bar ta a ƙarƙashin "farashi da ranar lodi", yarjejeniyar da ke da tsabta za ta nutse a cikin jayayya.

Amma ba kowane ƙaramin motsi ne sabon babi ba. Idan ranar lodi ta tashi daga Litinin zuwa Laraba saboda mota ta lalace, wannan yana cikin taken da ke nan, a amsa a wurin. Raba zare fiye da kima shi ma cuta ne, domin mutum zai wayi gari da zare takwas a kan kaya ɗaya, ya rasa wanne ne ke ɗauke da maganar ƙarshe.

Tsawon lokaci shi kaɗai ba hujja ba ne. Idan ragowar kuɗin riɗi ya yi wata huɗu ba a biya ba, tsohon zaren biyan kuɗi shi ne wurin tambaya, domin alkawarin yana nan a rubuce a ƙasa. Idan kuwa kaka ta zagayo ana son sabon cinikin riɗi da mutumin nan, sabon take ake buɗewa da shekarar a ciki, ko da buhunan 400 ne kamar bara. Akwai kuma dalili na aiki: Gmail da Outlook duka suna ba mutum damar yin shiru da zaren da ya ishe shi, ta yadda sababbin amsoshi ba za su riƙa bayyana a akwatinsa na shiga ba. Wanda ya yi wa tsohon zare haka mai yiwuwa ba zai ga sabuwar maganarka ba idan can ka saka ta.

Mataki na biyar: yadda ake raba zare ba tare da an tsinke igiya ba

Idan an yanke shawarar buɗe sabo, ga yadda nake yi a jere. Da farko ina danna Nouveau message, in rubuta adireshin waɗanda maganar ta shafa ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowanne, domin manhaja tana cika suna da kanta kuma masu suna iri ɗaya suna da yawa a garin nan. Sannan in rubuta take a gurbin Objet wanda ya ƙunshi kaya, adadi da abin da ake nema, in sa kalmomi masu muhimmanci a farko domin allon waya yana yanke ƙarshen take mai tsawo. Gaisuwa tana da wurinta a cikin saƙo, kuma ba na tauye ta, musamman ga babba, amma ba a sa ta a take. "Assalamu alaikum" a gurbin take ba ya gaya wa mai nema komai bayan wata uku.

Bayan gaisuwa, jimla ta farko tana ɗaure sabon saƙo da tsohon. Ga misalin saƙon da aka rubuta wa mai saye a kan ƙorafin buhunan da suka jiƙe, da take "Riɗi buhu 400: buhu 12 da suka jiƙe":

"Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Wannan saƙo ya biyo bayan cinikin riɗi buhu 400 da muka kammala, wanda aka yi lodinsa ranar Laraba. Mun ga bayaninku a kan buhu 12 da suka jiƙe, kuma mun buɗe masa wannan saƙo dabam domin mu bi shi har ƙarshe. Muna roƙon ku aiko da hotunan buhunan da takardar saukewa a nan."

Idan akwai wata jimla a tsohon zare da sabuwar magana ta dogara da ita, kamar sharaɗin wanda zai ɗauki asarar hanya, ina kwafo wannan jimlar kaɗai tare da ranar da aka rubuta ta. Ba na kwafo zaren gaba ɗaya.

Daga nan sai in koma tsohon zare in rubuta layi ɗaya cewa batun buhunan da suka jiƙe ya koma saƙo mai take kaza, a ci gaba a can. Mutane suna tsallake wannan, kuma shi ya sa rabuwar ba ta kamawa: mai saye yana ci gaba da amsawa a inda ya saba, sai magana ta rabu gida biyu. Idan duk da haka ya amsa a tsohon wuri, ba na yi masa gyara. Ina kwafo amsarsa zuwa sabon zare in amsa a can, kuma yawanci bayan sau ɗaya ko biyu yana biyowa.

Akwai hanya ta tsakiya ga maganar da ta karkata a hankali alhali mutanen ba su canza ba kuma babu sirri a ƙasa. Ana amsawa a canza take, a bar tsohon a ƙarshe domin a gane asali, kamar "Ranar biyan kuɗin riɗi, a da: farashi da ranar lodi". A Gmail ta kwamfuta, Modifier l'objet yana cikin ɗan jerin zaɓi da ke gefen sunan wanda ake amsa wa. Wannan hanya tana riƙe tarihin magana a ƙasa, amma kamar yadda aka gani a mataki na farko, ba ka da tabbacin yadda za ta bayyana a wurin ɗaya ɓangaren, don haka ba na amfani da ita idan sabon mutum zai shigo ko idan maganar ta gaggawa ce.

Saura wuri ɗaya da zama cikin zare yake yaudarar mutane, kuma ya shafi kuɗi kai tsaye. Ganin saƙo a cikin tsohon zare, da take da aka sani da tsohuwar magana a ƙasa, ba ya tabbatar da cewa daga abokin cinikinka ya fito. Ɓarayin da suka shiga akwatin imel na wani suna amsawa ne a cikin zaren ciniki na gaskiya, daidai lokacin biya, su ce lambar asusun banki ta canza. Idan irin wannan saƙo ya zo, kada a amsa a zaren, kada kuma a buɗe sabon saƙo zuwa adireshin, domin mai yiwuwa akwatin yana hannun ɓarawo. A kira mutumin a lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke rubuce a ƙasan saƙon ba, a ji daga bakinsa, sannan a tura kuɗi.